Allon Shagon Inna

Ba daga gida Shuɗi ya zo da sunan nan ba. Ranar da ya fara zuwa koyon aiki a rumfar Baba Fenti, bai ma gama gaisuwa ba ya yi tuntuɓe da gwangwanin shuɗin fenti, ya yi wanka da shi daga gwiwa har yatsun ƙafa. Tsohon ya dubi ƙasa, ya dubi saurayin, ya ce, "To, Shuɗi, sannu da zuwa." Yau shekara biyu ke nan. Fentin ya daɗe da fita, sunan kuwa ya ƙi, har Innarsa ma da shi take kiransa.

Shi Baba Fenti allunan shaguna yake rubutawa, kuma kusan duk allon da ke rataye a titin nan aikin hannunsa ne. Sunan da ake kiransa da shi bai taɓa yi masa daɗi ba. Yakan ce masu fenti su ne masu shafe bango da burushi mai faɗin tsintsiya, shi rubutu yake yi. Mutane sukan ce gaskiya ne, Baba Fenti, su wuce abinsu.

Shekarar farko Shuɗi bai rubuta ko harafi ɗaya a allon mutane ba. Aikinsa goge katako da sandfefa har ya yi sulɓi, ya shafa farin fenti na ƙasa, ya bari ya bushe, ya sake gogewa, ya sake shafawa. Ya koyi murza alli a jikin zare, ya ɗame zaren a kan allo, ya ɗaga tsakiyarsa ya saki, layi ya fito tsaf. Da yamma ya wanke burusan rubutu da kananzir, waɗannan masu dogon gashi mai laushi, ya shafa musu mai don kada guntun fentin da ya maƙale a gindinsu ya bushe ya kashe su. Sai a shekara ta biyu tsohon ya miƙa masa sandar jingina hannu, mai dunƙulen tsumma a kai, ya nuna masa yadda ake kafa kan a jikin allo a ɗora tsintsiyar hannu a kanta, hannu ya yi tafiya bai taɓa ɗanyen fenti ba. Ya ba shi ɓallen gilashi ya ce ya yi ta ja, tsaye, kwance, lanƙwasa, in ya cika ya goge ya sake.

Gaskiya dai, yaron yana da hannu. Matsalar ita ce shi ma ya san yana da shi. Akwai wani irin rubutu da ya taɓa gani a jikin kwalin turare, siriri, a karkace, kowane harafi yana jan wutsiya, tun daga ranar ya kamu da sonsa. Ko alli ya samu a ƙasa, shi yake zanawa. In da za a bar shi, har shagon mai gawayi haka zai rubuta masa.

Kowace safiya, kafin a buɗe gwangwani, Baba Fenti yakan ja shi su taka titin daga wannan kai zuwa wancan. A cewarsa motsa ƙafa ne, amma ba su taɓa yin taku ashirin bai tsaya ba.

"Kanne idonka," in ji shi wata rana, suna tsaye a tsallaken shagon magani. "Kada ka karanta. Duba kawai. Me ka gani?"

"Haruffa a tsaye, Baba. Duk kaurinsu ɗaya."

"Akwai mai wutsiya a ciki?"

"Babu."

"To mutumin da ɗansa ke kwance da zazzaɓi ba ya son ganin wutsiya. So yake ya ga wanda ba zai yi kuskuren awo ba. Shi ya sa na tsayar da su kamar an auna su da sikeli, na ba su fili, fari da kore, ba inuwa, ba kwalliya."

Suka matsa gaban mai walda. A nan haruffan gajeru ne, masu kauri, kusurwoyinsu a yanke, sun matsu da juna kafaɗa da kafaɗa. Tsohon ya ce duk wanda ya zo yin ƙofar ƙarfe, tun daga allon zai fara jin ɓarawo ba zai ɓalle ta ba. Na mai aski kuma sun ɗan jingina gaba, ja a kan fari, da 'yar inuwa a ƙasa ta hagu da ke sa su taso daga katakon, domin mai askin mutum ne mai sauri da surutu, samari ne kuma abokan cinikinsa. Allon ofishin mai rubuta wa mutane takardu shi ne Baba ya fi tsayawa a kai. Haruffansa suna da siriri da kauri, kuma kowace ƙafa tana da ɗan gicciye a ƙarshenta, wanda tsohon yake kira takalmi.

"Harafi mai takalmi dattijo ne," ya ce. "Ba ya gudu, ba ya ɗaga murya. In ka sa wa mai walda shi, sai a ɗauka ƙarfensa ma lallaɓa shi ake yi. Ka gane? Mai wucewa yana jin allo kafin ya karanta shi. Wani ma ba zai karanta ba sam, amma ƙafarsa ta riga ta san ko za ta shiga ko ba za ta shiga ba."

Shuɗi ya ce ya gane. Kullum haka yake cewa, zuciyarsa kuwa tana can wajen kwalin turare.

Akwai wata ɗabi'a ta tsohon da saurayin bai taɓa ɗaukarta aiki ba. Duk wanda ya kawo aikin allo, Baba ba ya taɓa alli sai ya je shagon mutumin ya zauna rabin safiya. Ba ya auna komai, ba ya rubuta komai, yana dai zaune yana kallon masu shiga da fita. A ganin Shuɗi, wannan dabara ce kawai ta shan shayin banza da jin gulmar titi. Ba za a ce bai da hujja ba, don tsohon ba ya ƙin ko ɗaya daga ciki.

Shagon Innar Shuɗi yana can ƙarshen titin, daura da inda motocin haya ke sauke mutane. Ɗan tsukukun wuri ne, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, kwalaben maɓallai a jere a kan kanta, zik kala-kala a rataye jikin ƙusa. Ba ta ɗinka sabon kaya, gyara take yi: wandon da ya yage, jakar da zik ɗinta ya mutu, rigar makarantar da yaro ya fi ƙarfinta. Da wannan keken ta raine shi. Allonta wani tsohon falanki ne da aka rataye da waya biyu a jikin katakon rumfar ƙofa, ruwa da rana sun cinye rubutun, sai wanda ya riga ya sani ne yake iya karantawa.

Shuɗi yana son Innarsa, babu tantama a nan. Amma yana jin kunyar shagon, kuma ya daɗe yana jinta, tun yana makaranta yara na tsokanarsa da ɗan mai faci. Saboda haka ranar da ta ce masa cikin wasa, "Ɗana yana rubuta wa duniya allo, nawa kuma ko akuya ba ta kallonsa," sai ya ji lokaci ya yi. Zai yi mata allon da duk titin zai san shagon nan ba na wasa ba ne.

Ya roƙi Baba katako da izini. Tsohon ya zaɓo masa mai kyau, busasshe, marar ƙulli.

"Ka je ka zauna a shagon?"

"Baba, a can fa na girma. A ƙarƙashin keken nan na yi rarrafe."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Shuɗi ya yi dariya, ya ɗauki katakon.

Kwana biyar ya yi a kan allon. Ya shafe shi da baƙi mai sheƙi, ya ɗauko fenti ruwan zinariya, ya jera kalmomi har bakwai: Gidan Ɗinki da Gyaran Tufafi na Zamani. Haruffan suka kwanta a karkace, sirara kamar zare, wutsiyar wannan tana ratsa ta wancan, harafin farko kuwa sai da ya yi lanƙwasa uku kafin ya yarda ya tsaya. Babu inda hannunsa ya yi rawa, babu ɗigo ko ɗaya. Ya jingina shi a bango ya kira tsohon.

Baba Fenti ya daɗe yana kallo. "Hannu ya yi kyau," ya ce. "Ni kaina ban ja layi haka ba ina shekarunka."

Shuɗi ya ji kamar ya tashi sama.

"Na wane ne?"

"Na Inna mana, Baba."

"To," in ji tsohon, ya koma kan aikinsa.

Ranar da aka rataye shi, titin ya taru. Mai aski ya fito da almakashi a hannu ya ce wannan ai sai babban birni. Inna ta tsallaka titi ta tsaya tana kallo, hannu a ƙirji, sai ta hau gaya wa wata mata da ba ta taɓa gani ba cewa ɗanta ne ya rubuta. Shuɗi ya koma rumfa yana tafiya kamar shi ya shimfiɗa titin.

Mako na farko ba wanda ya lura da komai. A na biyu wata doguwar mota ta tsaya, wani mutum mai ƙamshi ya fito ya ce yana son a ɗinka masa kwat guda uku, irin na taro. Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta ce kwat dai ba ta ɗinkawa, amma ga maɓallin hannun rigarsa yana lilo, ya kawo ta kama masa. Ya tsaya ta kama masa, ya yi godiya, bai sake dawowa ba. An yi kwana biyu ana dariyar wannan a gida.

Dariyar ba ta daɗe ba. Yawancin masu kawo wa Inna aiki 'yan sauka daga mota ne, leburori, ɗalibai, mata masu ɗauke da ƙunshin kayan yara. Su ne suka ɗauke ƙafa. Suna sauka, su ɗaga kai, su wuce. Da rana in hasken ya bugi baƙin fentin, siraran layukan ɓacewa suke yi, daga tsallake ba a ganin komai sai wani ƙyalli mai kama da na shagon gwal. Benci ya zauna babu kowa. Keken da a da ake jin ƙararsa tun daga bakin titi ya koma yin rabin yini a rufe da zane.

Wata safiya an aiki Shuɗi sayen kananzir, sai ya ci karo da Goggo, wata dattijuwa da ta fi shekara goma tana kai wa Innarsa kayan jikokinta. Tana rungume da ƙunshi, ta riga ta wuce shagon, ta nufi kasuwa.

"Goggo, ina kwana? Ai kin wuce wurin."

"Lafiya lau, ɗan nan. Ban wuce ba, na gani sarai."

"Inna tana ciki fa."

"Na hango ta. Amma kai ma ka duba mana." Ta ɗaga wani ɗan wandon makaranta da ya fashe a baya, faci a kan faci. "In shiga ƙarƙashin wannan zinariya da wannan? Ai sai a yi mini dariya. Innarka ta ci gaba, Allah ya ƙara. Mu ma samu mai gyara daidai mu."

Ta tafi ta bar shi riƙe da galan. Kunyar da ya ji a wurin ta fi wadda yaran makaranta suka taɓa sa shi ji, don wannan da hannunsa ya ƙera ta, kwana biyar yana yi mata ado.

Da yamma ya tarar da Inna tana share ƙurar da babu ita a kan kanta. Ta ce ai kasuwa ce haka, wata rana a samu wata rana a rasa. Ta ce in abin ya ci gaba har ƙarshen wata, za ta mayar da keken gida ta riƙa yi wa maƙwabta, ita ma ta huta da fitowa. Ta faɗe shi da murmushi, amma ya san shekara ashirin ke nan ba ta taɓa kwana biyu a jere ba ta buɗe ƙofar nan ba.

"Inna, allon ne. Bari in sauke shi."

"Wane allo? Kada ka kuskura."

"Shi yake korar mutane. Goggo da bakinta ta gaya mini."

"Goggo ta daɗe ba ta faɗa ba. Aikin ɗana na farko, in sauke shi saboda wandon jikanta? Ko kowa zai daina zuwa, yana nan."

Kuma Inna in ta ce yana nan, to yana nan.

Washegari ya zayyana wa Baba Fenti komai, kansa a ƙasa, yana jiran faɗa. Tsohon yana laulaya burushi a kan ɓallen gilashi har bakinsa ya baje ya yi kaifi, bai ko ɗago ba.

"Baba, tun ranar ka sani. Me ya sa ba ka hana ni ba?"

"Da ka ji?"

Tsohon ya ɗaga burushin ya duba bakinsa, sannan ya ci gaba.

"Kuma ina son in ga ko hannun ya nuna. Ya nuna. Saura ido. Bar aikin yau ka je ka zauna a shagon. Ba ruwanka da taya ta aiki, ba ruwanka da alli. In ta ba ka shayi ka sha."

Haka ya je ya zauna a kan bencin da ya sani tun bai san kansa ba. Sa'a ta farko bai ga komai ba sai ƙuda. Can wani lebura ya tsaya a bakin ƙofa, jaka a hammata, ya ɗaga kai ya dubi allon, ya fara ja da baya. Inna ta hango shi.

"Kawo in gani," ta ce, da muryar nan tata mai cika ɗaki.

Mutumin bai gama sallama ba jakar tana hannunta. Shuɗi ya lura da abin da ya gani sau dubu bai taɓa lura da shi ba. Wurin da ya yage ɗin, mai datti, nan da nan ta juya shi ciki ta ɗora a cinyarta yadda mai shi ba zai tsaya yana kallon abin kunyarsa a fili ba. Ba ta tambaye shi yadda aka yi ba. Ta ce ai wannan jaka da sauranta, ta fi sababbin yanzu ƙwari. Ta zaɓi zare mai kauri, ta bi ɗinkin sau biyu, ta ja da ƙarfi a gabansa don ya gani. Kafin ya fita ta sa shi dariya har sau biyu, ta kuma ji sunan garin da matarsa take.

Mutum uku kacal suka shigo ranar, ukun duka da "kawo in gani" ta tarbe su. Ba wanda ta ce wa kayansa sun wuce gyara. Shuɗi ya zauna yana kallon hannuwanta, gajeru, masu kauri, ba zobe, ba sauri, ba kuma tsayawa. Ya nemi wutsiya a jikin matar nan da aikinta sama da ƙasa, bai samu ko guda ba.

Ya ga wani abu kuma. Daga inda take zaune a bayan keke, in ta ɗaga kai, bayan allon take gani, katako tsirara da tabon yatsunsa. Rubutun yana kallon titi. Sau biyu a yinin nan ta tashi ta ce za ta tsallaka sayen allura, alhali allurai cike da gwangwani, ta je can ta tsaya tana kallon zinariyar ɗanta, ta dawo hannu wofi. Sai tausayi da so suka kama shi a haɗe.

"Inna," ya ce da za su rufe, "ba sauke shi zan yi ba. Juya shi zan yi. Ki ara mini shi kwana huɗu."

Sai da ya yi bayani sau biyu, ya kuma yi rantsuwa ba zai taɓa harafi ɗaya ba, sannan ta yarda. Ta ciro zanenta mai laushi ta ce a shimfiɗa a ƙarƙashin fuskar, in ta ga ƙarzane ko ɗaya shi da ita ne.

Kafin ya ɗauki allon ya auna titin da ƙafa, daga inda motoci ke tsayawa zuwa ƙofar shagon, taku talatin da biyu. Ƙa'idar Baba ita ce duk taku huɗu a ƙara wa harafi inci ɗaya, ke nan tsayin harafin zai kai taƙi guda. A wannan girman kalma bakwai ba za su shiga ba, sai ya rage su zuwa biyu, abin da mutane ke faɗa da bakinsu: GYARAN KAYA. A ƙasa, da ƙananan haruffa don wanda ya riga ya matso, zik, maɓalli, faci.

Ya goge bayan katakon, ya shafa fari sau biyu, ya bi da fenti ruwan madara mai ɗan duhu, marar sheƙi, don kada rana ta mayar da shi madubi. Da ya bushe ya buga layi biyu da zare, ya zana haruffan da alli. Masu faɗi ne, a tsaye daram, kaurin kowace ƙafa kashi ɗaya cikin biyar na tsayinta, ba takalmi, ba kusurwa mai kaifi, duk ƙarshensu a dunƙule. Ya auna tazarar da ke tsakaninsu da ma'auni, kowace daidai da 'yar'uwarta, ya kira tsohon.

Baba ya ja da baya har bakin titi ya kanne ido. "Siffar ta yi. Amma wa ya ce ka auna da ma'auni? Zo nan ka gani. Me ka karanta?"

Daga nesa kalmar ƙarshe ta wargaje. Tsakanin A da Y akwai rami, wani ramin kuma a bayan Y, alhali N ta kalmar farko ta manne da maƙwabciyarta.

"A tana da faɗi a ƙasa, Y tana da faɗi a sama," in ji tsohon. "In ka ba su tazara ɗaya da sauran, fili ya yi yawa. Tura A ta shiga ƙarƙashin hannun Y. Mai miƙaƙƙiyar ƙafa irin N kuma ƙara mata wuri. Ka ɗauka ruwa kake zubawa tsakanin kowane harafi biyu, kofi ɗaya ɗaya. Ido ne ke auna wannan. Sannan G ɗinka ta yi ƙarama."

"Baba, ta taɓa layin sama, ta taɓa na ƙasa."

"Shi ya sa. Harafi mai zagaye in ya tsaya a kan layi daidai, ido yana ganinsa ya gaza. Bar ta ta ɗan haura sama, ta ɗan zarce ƙasa, kamar kaurin tsinken ashana."

Ya goge, ya sake, ya tsallaka titi ya duba, ya dawo ya sake. Sau shida. A na bakwai kalmomin suka zauna, ba inda ido ke tuntuɓe. Ya tsaya gaban kantar fenti yana tunanin launi, sai tsohon ya miƙo masa wani gwangwani mai lotsattsen gefe.

"Ungo. Kun san juna."

Shuɗin fenti ne, mai duhu, irin wanda ake gani daga nesa a kan ruwan madara. Ya sirka shi da ɗan kananzir har ya riƙa bin burushi ba tare da ya zuba ba, ya kafa sanda, ya ja ƙafar farko daga sama zuwa ƙasa da numfashi ɗaya, a ƙarshe ya murza burushin tsakanin yatsunsa, bakin ya dunƙule. Abin mamaki, wannan rubutu marar ado ya fi wancan wuya, don babu wutsiyar da za ta ɓoye kuskure. Da ya kai harafi na ƙarshe hannunsa ya nemi ya ɗan ja ƙafar A ta yi lanƙwasa. Tsohon ya yi gyaran murya daga bayansa, hannun ya dawo hanya.

Da safe suka rataye shi a wayoyinsa biyu na da, shuɗin yana kallon titi, zinariyar tana kallon cikin shago. Baba Fenti ya tsallaka can inda motoci ke tsayawa, ya kanne ido, Shuɗi na tsaye a gefensa.

"Baba, na wane ne?"

"Kai ma ka sani. Ga ta nan tana cewa kawo in gani."

Mota ta tsaya, mutane suka zubo. Wata ɗaliba ta ɗaga kai, ta dubi jakarta da aka ɗaure da igiya, ta tsallaka kai tsaye ba ta ko rage tafiya ba. Kafin azahar mutum huɗu ne a kan benci, ana jin ƙarar keke tun daga gaban mai aski. Sai ga Goggo da ƙunshi biyu, ta shigo tana mita wai mai gyaran kasuwa ya ɗinke wa jikanta aljihu gaba ɗaya, yaro ya rasa inda zai sa fensir.

"Ai na ce ki je ki gani," in ji Inna, ko da yake ba ta taɓa cewa ba. "Kawo in gani."

Baba Fenti ya samu gefen benci ya zauna, an kuma ba shi shayi. Shuɗi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon masu saukowa daga mota, yana ƙoƙarin gane wanda zai tsallako tun kafin ya tsallako. Farin ciki ya cika shi, har bai ji keken ya tsaya ba.

"Shuɗi," in ji Inna daga bayansa, wandon jikan Goggo a ƙarƙashin allura, idonta a sama. "Matsa gefe, kana tare mini allona."